Tablo biyu na injin niƙa

Shekarar da mahaifinmu ya sayi injin niƙa ina ƙaramin kwantabul, mai riƙe lissafin kuɗi, a wani biro na kasuwanci a Madawa, kaina ya kumbura da ilimin da bai kai cikin cokali ba. Jikka dubu cif ya biya, wato miliyan guda, aka kafa injin a Urno bakin kasuwa. Yayana ne ya riƙe shi. Bai yi lakwal ba, boko ko aji ɗaya, amma da kunne yake gane ciwon inji.

Ni na kawo maganar amortisma, lissafin yadda kayan aiki ke rage daraja shekara bayan shekara. Na zana wa Baba tablo biyu na lissafin a kaye, littafin rubutuna, kowanne na shekara biyar. A na farko ana cire jikka ɗari biyu kowace shekara, darajar ta sauko 800, 600, 400, 200, sifiri. A na biyu ana cire kashi arba'in cikin ɗari na abin da ya rage: 600, 360, 216, sai a raba sauran gida biyu, 108, sifiri. Na ce masa na biyun ya fi kama da halin ƙarfe, da ƙuruciyarsa yake zubar da kuɗi.

Baba ya duba ya ce, "Injin da nis saya jiya, shi na za ka ce ya ci jikka ɗari huɗu cikin shekara guda? Kai dai boko ya ɓata ka. Riƙe na hwarin."

Ya dangwala yatsa a ƙarƙashin na farkon. Na biyun ban yage shi ba, don ina jin daɗin kyan rubutuna.

Ƙarshen shekara ta uku Baba ya rasu. Ban yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce, ban ji komai ba ne. Ana gaisuwa ina amsawa, idona yana kan tabarma ina ƙirga zarenta.

Bayan sadakar arba'in liman ya zo rabon gado. Magada mu biyar ne: Inna, ni da Yaya, da ƙannenmu mata biyu. Gona da gida da tumaki aka yi musu kuɗi jikka ɗari shida. Da aka zo kan inji aka rasa mai yi masa kuɗi, sai duk aka juyo wajena. Na ɗauko kaye.

Lissafin a fili yake. In injin 216 ne, ya shiga cikin rabon Yaya har da ɗan saura. In 400 ne, ya fi rabonsa da jikka ɗari da 'yan kai, sai ya biya mu rarar, shi kuwa ko goma ba shi da su.

Liman ya ce, "To malam kwantabul, wane na gaskiya cikinsu?"

Na ce duka biyun daidai ne. Ya ce ba a raba gado da gaskiya biyu. Yaya yana zaune bakin ƙofa, gari a girarsa, bai dube ni ba. Na tuna abin da aka koya mana, cewa ba a sauya hanyar lissafi a tsakiyar tafiya. Na nuna tablon da Baba ya dangwala wa yatsa na ce 400. An sha cewa kwaɗayi ne ya sa ni, tunda rabona ya ƙaru. Da ma shi ne, da na san abin da zan tuba a kai. A ranar ko Yaya ban gani sosai ba, layi na uku kawai nake gani.

Aka ba shi wata biyu ya nemo kuɗin, bai samu ba. Aka sa injin a kasuwa. Damina ba ta yi kyau ba, hatsin niƙa ya yi ƙaranci, masu taya suka yi ta ja da baya. Da ƙyar wani ɗan kasuwa daga Buza ya ba da jikka 230, muka sallama.

Yaya ne ya kwance injin da hannunsa, don ba wanda ya iya. Ya jera kusoshi a gwangwani, ya gaya wa mai kamyo, motar da ta zo ɗaukarsa, kada a bar gazuwal ya ƙare ƙaf a tanki, injin ba ya so.

Washegari liman ya sake lissafi da ainihin kuɗin da aka samu. Ni na rubuta masa. Rabon Yaya ya tashi jikka 242, sama da kuɗin injin. Na tsaya da bikin rubutu a hannu. Liman ma ya gani, ya yi gyaran murya ya wuce kan rabon mata.

Yaya ya matso ya ce, "Karanta mini, ƙanena. Nawa anka saida shi?"

Na faɗa.

"Ni kuma nawa nis samu?"

Na faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ya isa."

Da rani ya tafi Kurmi ci-rani, ya yi shekara tara bai dawo ba. Kayen yana nan wajena. Layi biyu na ƙarshe, 200 da sifiri, na riga na cika su tun ranar da Baba ya dangwala yatsa.