Kujerar da na kafa wa Baba a salga

Shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ni kaɗai ce babba a gidan. Inna ta riga ta rasu, Yaya yana Damazin wajen aikin ginin madatsar ruwa, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida ina tsinkar auduga a hawashar Baba, gonar da gwamnati ta yanka masa a bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa. An kai shi asibitin Sinnar a lori, ya yi kwana ashirin, aka dawo da shi hannun dama a lanƙwashe, ƙafar dama tana ja, baki ya ɗan karkace. Amma yana tafiya. Da sanda a hannun hagu yana zagaye tsakar gida, har ya kai ƙofa ya amsa gaisuwa.

Abin da ya gagara shi ne tsuguno. Salgarmu irin ta kowa ce a garin: rami, an shimfiɗa itatuwa a kansa an yaɓe da laka, an bar baki a tsakiya, katangar ƙasa ta kewaye. Sauka yana iya yi, tashi ne ba ya iyawa. Wata hantsi na dawo daga ɗebo ruwa na ji yana kiran sunan Allah daga can ciki. Ya faɗi ta gefen da ya mutu. Ni 'yarsa ce, ba zan shiga ba, shi ma da ya ji motsina cewa ya yi kada in kuskura. Na ruga na kira maƙwabta biyu suka ɗauko shi, rigarsa duk ƙasa. Bai ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Da yamma Baffa, ƙanen Baba, ya zo ya yanke magana. A ajiye tasa a ƙarƙashin angarib, gadon igiyar da Baba yake kwana a kai, ya riƙa yi a ɗaki, ni in riƙa fitarwa. Haka ake yi wa kowane tsoho, in ji shi.

Tasar ta yi kwana uku a wurin ba a taɓa ta ba. Sai na lura tuwon da nake kai masa yana dawowa yadda ya tafi. Shayi kawai yake kurɓa, shi ma rabin kofi. Na durƙusa a bakin ɗaki na ce, "Baba, ko miyar ce ba ta yi ba?"

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, in ban ci ba, ba na bukatar zuwa ko'ina." Maganar da ƙyar take fita, amma na ji ta sarai. Ya ƙara da cewa shi da ya yi shekara arba'in yana buɗe ruwa a hawasha ba zai zauna 'yarsa tana kwashe masa kashi ba. Gara a kai shi kushewa.

Na tashi na shiga salgar na tsaya ina kallo. A asibiti na ga wata kujera mai rami a tsakiya da ake turo wa marasa lafiya. In mutum yana iya zama a bakin gado ya tashi, me zai hana ya zauna a nan? Abin kamawa kawai yake so.

Gwajina na farko shirme ne. Na samo turke na buga a jikin katangar da taɓarya, ya shiga har rabi, na ji daɗi. Da na kama na saki nauyina, turken ya fito da guntun katanga, na zauna daɓas a ƙasa. Na gode Allah ni ce ba shi ba. Daga nan na san katangar laka ba ta riƙe mutum.

Ranar kasuwa na ce wa Baba zan auna shi. Ya zauna a bakin angarib, tafin ƙafarsa a shimfiɗe a ƙasa, na miƙa igiya daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa na ƙulla. Na ce ya ɗora hannun hagu inda zai fi jin ƙarfin dannawa ya miƙe, na auna nan ma na ƙulla. Sai faɗin wurin zamansa. Ya bi ni da ido, sannan ya ce in ƙara yatsu biyu a tsayin, don angarib ɗin ma yana yi masa ƙasa. Wannan ce magana ta farko da ya yi a kwanakin nan wadda ba ta mutuwa ba.

A kasuwar Sinnar na sami wani kafinta tsoho a bayan masu sayar da buhu. Na kwance igiyata na yi masa bayani da Larabci, kaina a ƙasa don kunya. Bai yi dariya ba. Tambayoyi ya yi ta jero mini: wane ɓari ne ya mutu, da me aka rufe ramin, taku nawa ne daga bakin rami zuwa inda ƙasa mai ƙarfi ta fara. Na ce da bulo nake so a gina. Ya girgiza kai, ya ce bulo zai yi wa itatuwan rufin nauyi, wata rana shi da mahaifina su tafi ƙasa tare. Katako zai yi, akwati mai rami, a ɗora shi a kan dogayen faifan katako biyu da za su tsallake ramin su huta a ƙasa mai ƙarfi. Zai buɗe gaban ramin kujerar yadda hannu da buta za su shiga, ya goge bakin sumul, ya yi murfi saboda ƙuda. Na kamawa kuma bututun ƙarfe, wanda muke ce wa masura, mai kaurin da yatsu za su zagaye shi. Turakun da za su riƙe bututun su zama na bagaruwa, gara ba ta cika damunta ba.

"Ƙasarku baƙa ce," in ji shi. "Da rani ta tsage, da damina ta kumbura. In ba ki haƙa har hannunki ya shige zuwa hammata ba, turken zai yi rawa kafin shekara. Kuma ki nisanci bakin ramin."

Mako ya zagayo na koma na ɗauko kayan, da ɗan siminti a ƙullin buhu. Washegari da safe na ɗaura ɗamara na fara haƙa. Turaku huɗu ne, biyu hagu biyu dama, duk a wajen iyakar ramin. Ina cikin na uku, ƙasa har gashin ido, Baffa ya yi sallama. Labari ya riga ya kai masa.

"Mi kike yi haka?"

"Wurin zama nake yi wa Baba."

"Wurin zama! A salga? Kin taɓa ganin Musulmi ya zauna bisa kujera ya yi bayan gida? Wannan aikin Turawan Ingilishi ne. Tsarki ma ba shi inganta. Ga ki mace da dagi a hannu, gari duka na yi muna dariya."

Ban ajiye dagin ba. Na ce, "Baffa, ranar da ya faɗi ku kuna ina? Kwana nawa ke nan bai ci tuwo ba, kun sani?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ni. Ya ce in fito daga wurin tun bai sa an fito da ni ba, kuma zai aika wa Yaya takarda ya zo ya ga abin da nake yi da gidan ubansa. Na ce ya aika, Yaya ya zo ya riƙa ɗaukar tasar.

Sai muka ji sandar Baba. Ya taho yana jan ƙafa har ya iso, ya jingina da katanga yana haki. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Sallata a zaune nike yin ta yanzu. Ita ma ta Ingilishi ce?" Baffa ya fara cewa ba haka yake nufi ba. Baba ya katse shi: "Gidana ne, gindina ne. Uwata, ci gaba da haƙa." Sannan ya nuna da sanda ya ce kujerar ta fuskanci yadda bakin salgar yake tun farko, kada in juya ta ta kalli alƙibla ko ta ba ta baya. Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita ba sallama.

Na sa turakun, na cika gindinsu da fasasshen jan bulo da kwaɓin siminti da yashi, ina dannawa da taɓarya. Kafinta ya riga ya huda kan kowane turke, don haka na zura bututun tun simintin bai kama ba, na hagu a daidai ƙullin igiyata, na dama ɗan sama kaɗan don ya tare shi in jikinsa ya karkata can. Na hagun na bar shi ya zarce gaban kujerar, saboda in mutum zai miƙe gaba yake sunkuyawa. Kwana bakwai ina yayyafa wa simintin ruwa, ban bar kowa ya taɓa ba. A kwanakin nan maƙwabcinmu ne yake zuwa ya riƙe shi, Baba kuma ya yarda yana shan kunu, tunda ya ga abin yana da ranar ƙarewa.

Ran na takwas na buga akwatin a kan faifan da ƙusa, na ɗaure faifan da turakun don kada su zame. Na hau, na yi tsalle, na rataya a kan kowane bututu da dukkan nauyina, na jijjiga. Ko motsi. Da azahar na taɓa ƙarfen na ji ya ɗau zafi kamar an sauke daga murhu, sai na naɗe shi da igiyar kaba, wadda kuma ta hana jiƙaƙƙen hannu santsi. Na kafa wa wurin 'yar rumfar kara. Buta na yi mata mazauni a hagu, inda hannunsa zai kai ba sai ya sunkuya ba.

Ya shiga bayan la'asar. Na tsaya a bayan katanga ina sauraro. Na ji sandar ta jingina, na ji katako ya ɗan yi ƙara. Can sai muryarsa: "Uwata, ina jin numfashinki. Tafi ki ba ni wuri." Na koma madafa na zauna ina dariya hawaye na zuba. Da ya fito bai ce mini komai a kan kujerar ba. Tambaya ya yi ko akwai kuɓewa a gidan.

Yaya ya zo da Babbar Salla da takardar Baffa a aljihu. Ya shiga ya duba, ya jijjiga bututun, ya fito ya tambaye ni wa ya koya mini zuba siminti. Damina ta wuce turakun ba su motsa ba. Igiyar ce kawai nake sakewa in ta ruɓe. Baffa bai sauko ba, har ya rasu yana kiran abin kujerar kafirai, kuma bai ƙara cin abincin hannuna ba. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma da za a sake, da na sake haƙawa. Baba ya yi shekara huɗu bayan nan yana kai kansa yana dawo da kansa. Sai a makonsa na ƙarshe ne ƙafafun suka ƙi gaba ɗaya, lokacin kuma Yaya yana gida, shi ya riƙa kai shi.