Tikitin Kawu na Gudun Taro

Na yi aiki a wani ɗan ofishin sayar da tikitin jirgin sama a Garoua, wanda kowa ke kira ajans. Da bakina na koya wa Kawu, yayan mahaifiyata, abin da ya zame mana jidali. Ɗan kasuwar atamfa ne, ba abin da ya tsana kamar zaman sulhu da taron dangi.

Wata rana muna hira na ce masa tikitin da aka yanka yau, in aka soke shi kafin ranar ta fita, ba a cire ko sisi, don cinikin bai riga ya shiga lissafin kamfanin jirgi ba. Amma in ya kwana, sai an biya tara.

"Ko sisi?" in ji shi.

"Ko sisi, Kawu."

Daga nan duk sanda aka kira shi zama a Meiganga ko Tcholliré, sai ya zo da safe ya yanki tikitin Douala mafi araha, ya zaga kasuwa yana nunawa. "Wallahi na so zuwa, ga shi tafiya ta kama." Kafin mu rufe ya dawo in soke, ya karɓi kuɗinsa. In an gan shi a gari daga baya, ya ce kayan ne ba su iso ba.

Ranar da dubunsa ta cika, labarin tafiyar ya riga shi isa gida. Ya tarar da zaure cike: mai ƙullin kilishi zuwa ga ɗanta, mai buhun gyaɗa, har limamin unguwa da doguwar addu'ar matafiyi. Kunya ta hana shi tashi, mu kuma muka rufe.

Washegari ya iso da gumi. "'Yata, soke."

"Kawu, ya kwana. Kuma na promo ne, wato mai rangwame, ba a mayar da kuɗinsa. Wani ɓangare na haraji kawai zai dawo, shi ma sai bayan makonni, in kamfani ya amince ya turo mana."

"To ɗaga min rana."

"Za ka biya tarar canji, da cikon farashi in kujerun arha sun ƙare."

"In na ƙi zuwa fa?"

"Shi ke nan, ya ƙone."

Ya nemi ragi kamar yana cinikin turmin atamfa, har ya tuna min shi ya yanka ragon sunana. Na juya masa kwamfuta na ce ya yi ciniki da ita.

Haka dangi suka raka shi filin jirgi da mota biyu. Kayan saƙo suka wuce kilo, ya biya. Ya kwana uku a Douala cikin ruwan sama yana neman gidajen mutanen da bai taɓa gani ba.

Da ya dawo ya tarar an ɗage zaman Meiganga, wanda ya guje wa, saboda shi. Sun ce ba za a yi ba sai da babba. Ya tafi a motar haya, ƙafarsa a kan buhun albasa.