Hanyar Jini a Cikin Keke

Shekarar da muka baro Borno muka kama ɗaki a Tumfure, ni da 'yata ta fari, ba mu da kowa a Gombe. Babanta ya ce mu yi gaba zai biyo mu, bai biyo ba. Ni da na yi shekaru ina koyar da bayoloji a sakandare, na koma zaman ɗaki, sai na wuni ban yi magana da mutum ba.

Ita kuwa ta samu makarantar koyon aikin jinya a cikin gari, amma ta faɗi darasin aikin sassan jiki. Aka ce ta sake sau ɗaya, in ta kuma faɗuwa a sallame ta. Ga shi da yamma tana tsaron wani kyamis a Arawa, da shi muke ci. Lokacin karatunta kaf a cikin keke napep yake, zuwa da dawowa, kuma da ta buɗe littafi a hanya sai jiri.

Na ce, "Ke 'yar nan, kunnenki ma jiri yake yi? Zan rubuta miki, ki karanta ki naɗa a wayarki."

Rubutun farko shirme ne. Yadda nake rubuta wa ɗalibai a allo haka na zuba, har da "duba zane." Ta dawo tana dariya. "Mama, wane zane zan duba a kunne?"

Na ji haushi, amma gaskiyarta. Na sake zama, duk jimlar da na rubuta sai na faɗe ta da baki, in numfashina ya yanke kafin ta ƙare, na raba ta biyu. Sunayen na bar su da Turanci yadda za a tambaye ta, bayanin da Hausa. Ma'ana ta zo da farko, a maimaita ta. Hanyar jini kuwa na jera ta kamar kwatancen gida: ya dawo daga jiki ya shiga ɗakin sama na dama a zuciya, ya sauka na ƙasa, a tura shi huhu ya ɗauko iska mai kyau, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka, a harba shi cikin jiki. Sai tambaya: daga huhu ina ya nufa? A nan na rubuta ta yi shiru ta bar fili a naɗin, sannan ta faɗi amsa. Na ce idan tana saurare, a filin nan ta amsa da bakinta, haka abu yake zama a kai.

Kowane darasi na yi shi gajere, don ko an sauke fasinjoji a shingen sojoji ba za ta ɓata ba. Wallahi na ji daɗin aikin nan, shi ne ya raba ni da kallon bango.

Wata rana ta dawo da rana tsaka, takalmi ɗaya a ƙafa. Lokacin ne ake ta tayar da bam a tashoshi da kasuwa, kuma 'yan mata ake turawa. Wata mata a keken ta ga yarinya da dogon hijabi, leɓe yana motsi, ga igiyar iyafis ɗin da ke kunnenta ta leƙo ta ƙasan hijabin. Ta kwarma ihu. Mai keke ya yi tsalle ya bar kekensa, mutane suka watse, wasu suka ɗebo duwatsu. Aka tambaye ta daga ina take, ta ce Borno. Allah ya sa wani soja ya sa ta ajiye wayar a ƙasa ta kunna, muryarta ta fito tana cewa jini ya sauka ɗakin ƙasa na hagu.

Na ce ta bar abin nan, ya isa. Ta ce, "Mama, in na bari da me zan ci jarabawar?"

Na yi kuka, sannan na ɗauki biro. Duk inda na ce ta amsa da baki na mayar da shi ta amsa a zuci. Ta koma yafa gyale, igiyar a fili, wayar a hannu kowa yana gani.

Amma labari ya riga ya iso unguwa. Matan gidan da muke haya suka janye yaransu daga ƙofarmu, gaisuwa ma daga nesa. Masu keken bakin layi suna ganinta su ce sun cika. Sai ta taka har babban titi, tana tafe tana saurare.

Ranar da sakamako ya fito ta kira ni daga makaranta, ta ce ta ci. Na fito tsakar gida ban ko ɗaura ɗankwali ba, na rangaɗa guɗa irin ta gidan biki. Matan suna nan, ina jin motsin kwanukansu a bayan labule. Na tsaya ina jira wata ta leƙo ta ce lafiya, in gaya mata. Babu wadda ta leƙo, sai na koma ɗaki na ɗora mana shinkafa.