Tauraro Biyar da Keken Inna

Yayata tela ce, kuma ba ƙarama ba. Idan ta auna mace da ido sau ɗaya, rigar za ta zauna mata daram. Da keken ɗinkin da Innarmu ta bar mata ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta biya min kuɗin makaranta. Shi ya sa har gobe, in na tuna yadda wayar hannu ta raba ta da hankalinta, sai raina ya ɓaci.

Wata maƙwabciya ce ta koya mata sarin takalman mata tana sayarwa a manhajar kasuwanci. Ka ɗora hoto, a yi oda, mai babur ya zo ya ɗauka. Kafin a ankara ɗakin ɗinki ya cika da kwalaye, an tura keke lungu an lulluɓe shi da tsohon zani. Masu saye kan ba ɗan kasuwa maki da taurari, ita kuwa biyar cif take da su, har muke tsokanarta da Hajiya Tauraro. Don kada tauraro ɗaya ya faɗi ta rubuta a shafinta cewa kai kaya kyauta ne, kuma duk wadda ta dawo da kaya, a karɓa ba gardama.

Mata suka gano ta. Sai a yi odar takalmi gab da ƙarshen mako, a je a gama rawar kai da shi, Litinin a dawo da shi wai bai yi kama da na hoto ba. Ni da idona na ga wani da cingam manne a ƙasansa.

Ranar da ta ce za ta sayar da keke ta ƙaro kaya, na kasa haƙuri.

"Yaya, nawa kike ci a takalmi ɗaya?"

"Dubu biyar mana. Na saro goma, na sayar sha biyar."

"La'adar manhaja fa?"

"Sha biyar cikin ɗari ce kawai."

"Kawai? Dubu biyu da ɗari biyu da hamsin ke nan. Mai babur dubu ɗaya da rabi, kwali da leda ɗari biyu da hamsin. Dubu ɗaya ce taki, Yaya. In aka dawo da shi kuma, ke za ki biya zuwa, ki biya dawowa, kwali ya tafi, manhaja ta riƙe ɗari biyu da hamsin cikin la'adarta. Asarar dubu uku da rabi, ban da takalmin da ya zama na hannu. Cikin huɗu nawa ke dawowa?"

"Ɗaya haka," ta ce.

"To uku sun ba ki dubu uku, na huɗu ya cinye su, ya ƙara da ɗari biyar daga aljihunki. Ba sana'a kike ba, hayar takalmi kike bayarwa, kuma ke kike biyan masu haya!"

"Ke Auta, bakinki ya yi tsawo. Kin ga kuɗin da ke shigo min kuwa?"

Abin da ya rufe mata ido ke nan. Kuɗi na shigowa waya tana ƙara, amma masu fita a ɓoye ake zare su kafin a turo mata sauran, ba ƙarar komai. Na yi magana har muryata ta dushe. Ta saurare ni tana naɗe kwali.

Bayan kwana biyu na leƙa, lungun ya zama fili. A manhajar ta ɗora keken Inna, kai kaya kyauta, har da biyan motar ɗaukar kaya tunda babur ba zai iya ba. Na juya na fita, don da na buɗe baki da mun ɓata har abada.

Mako na zagayowa ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, wai in zo. Na tarar da keken a tsakar gida, an dawo da shi. Matar da ta saya ta gama ɗinke-ɗinkenta, ga ragowar jan zare nan a jiki, ga bel a tsinke, ta rubuta wai tsoho ne. Tsoho mana! A hoton sabo ta gani? Manhaja ta mayar mata da kuɗinta cif, Yaya ta biya mota zuwa da dawowa, abin da ya haura ribar takalmi goma.

Na durƙusa ina goge shi da gefen mayafina, ina zage-zage, hawaye na zuba. A raina na ce ko ba komai ya dawo gida, kuma yau dai ta gani da idonta. Yaya na tsaye a kaina, ta ƙura wa waya ido.

"Auta," ta ce, "kin ga muguntar matar nan? Tauraro biyu ta ba ni."