Kashi na Shida

Mu uku muka haɗa jari muka kafa tukubar tsire a unguwar Briqueterie: kawuna, ni, da wani Bafulatanin Garwa. Kawu ya zuba rabi, ni sulusi, Bafulatanin ya cika sauran. Duk wata uku sai Kawu ya shimfiɗa buhu a bayan tukuba bayan la'asar, ya ware kuɗin nama, itace da haya, ya kasa riba kashi shida. Ya ja uku, ya turo mini biyu, ɗaya na Bafulatanin.

Da hayaƙi ya ci idon Bafulatanin, ya zare jarinsa kaf ya koma gida. Jarin da ya rage uku ne da biyu, wato biyar. Amma hannun Kawu ya saba da shida. Ya kasa shida, ya turo mini biyuna, na shidan ya bi aljihunsa. Ban ce zalunci ya nufa ba. A ganinsa biyuna ba su ragu ba, abin da ba mai shi kuwa na babba ne. Ni kuma shi ya ɗauko ni daga Kano ina saurayi, a ɗakinsa na fara kwana. Da wane baki zan yi magana? Na yi ta haɗiyewa ina juya tsire, wallahi har gajiyar ta zauna mini a ƙashi.

Sai aka koma makaranta. An koro 'yata saboda cikon kuɗin makaranta, sefa dubu ashirin, tana zaune a gida tana kallon ruwan sama. Ribar wannan karon dubu ɗari uku ce. A kasa shida, kowane kashi hamsin, nawa ɗari. A kasa biyar, kowane kashi sittin, nawa ɗari da ashirin. Ga kuɗin makarantar nan kwance a kan buhu.

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, mu biyu ne yanzu. Biyar ya kamata a kasa."

Ya tattara kuɗin, ya sake kasawa biyar a hankali yana ƙirgawa da Faransanci, yadda yake yi wa baƙi. Ya ja ɗari da tamanin, ya turo mini ɗari da ashirin, ko dala ba ta yi ciwon kai ba.

Ya ce, "Lissafinka daidai ne, ɗan nan. Anjima zan aiko maka da jarinka."

Kafin magariba kuwa ya aiko.

Da safe na raka yarinyar na biya. Da rana ƙafata ta kai ni tukuba, don ban san wani wurin zuwa ba. Kawu ya riga ya hura wuta. Na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, ya ɗauki wuƙa.

Ya ce, "Malam, na nawa za a yanka maka?"