Katin Makin Tomie

Hatsumi Kuramochi ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen gyaran rubutun da ba wanda yake karantawa. A hedikwatar wani kamfanin kantunan abinci take aiki, a birnin Mito, kuma duk ƙananan rubutun nan da ake cusawa a bayan takardar talla ta hannunta suke bi. Ta haura hamsin, idonta ya fara gajiya, kafaɗarta ta dama kullum da man zafi. Ba ta yi aure ba, kuma tuni mutane suka gaji da tambayarta dalili, abin da ya fi mata komai daɗi.

A bazarar nan aka ɗora mata sabunta sharuɗɗan katin maki. Katin kowa ya san shi: ka yi sayayyar yen ɗari biyu a ba ka maki ɗaya, in sun taru ka rage kuɗin kaya da su. Sharuɗɗan ne ba wanda ya sani. Lauyoyi sun yi shekaru suna liƙa musu jimla a kan jimla, har ta kai ita kanta Hatsumi sai ta sa yatsa tana bin layi kafin ta gane wa ake nufi. Manyan kamfani suka ce a mayar da su yadda tsohuwa za ta karanta a tsaye, da kwando a hannu, ta fahimta, kuma ta ji tana son katin.

Faɗa da baki ba wuya. Nozawa ta sashen talla, yarinya mai kuzarin da yake gajiyar da mutum, so take a rubuta "maki ninki biyar ranar Talata" da manyan baƙaƙe a tsaya nan. Hatsumi ta ce sai an sa a gefensa, da girman da ido zai gani, cewa ban da sigari da katin kyauta.

"Haba Anti Kuramochi, ai kin kashe tallar," in ji Nozawa.

"In ba ki faɗa musu a takarda ba, mai karɓar kuɗi ce za ta faɗa musu, su kuma su sauke mata kwandon masifa. Ke kina nan sama kina shan shayi."

Haka suka yi ta ja a kan kowane layi. Inda aka rubuta wata doguwar magana a kan ƙarewar wa'adi, Hatsumi ta mayar da ita: "Makinka ba sa mutuwa muddin ka yi sayayya ko sau ɗaya a shekara." Sharaɗin bai canza ba ko kaɗan, fuskarsa kawai ta juyo, Nozawa har da tafi. Wannan duk aiki ne, ta saba. Sharaɗi na goma sha huɗu ne ya tsaya mata a wuya.

A tsohon rubutu an binne shi a tsakiyar wata jimla mai layi shida, cikin jerin abubuwan da ke sa "cancantar mamba ta gushe". In an tone shi, ga abin da yake cewa: in mai kati ya rasu, katin ya mutu, makin sun tafi, ba wanda zai ci gaba da amfani da shi. Mahaifinta kuwa, Genzo, shekara biyu ke nan yana cefane da katin matarsa Tomie, wadda ta rasu.

Ba don makin yake yi ba. Lokacin da Tomie ta kwanta ciwo shi ya karɓi cefane, yana zuwa reshen unguwarsu da katinta. Mai karɓar kuɗi a layin da yake bi, wata dattijuwa Ebihara, ta san Tomie tun da daɗewa, kullum sai ta tambaye shi mai jiki. Da Tomie ta cika, jana'izar 'yan gida kawai aka yi, ba a sanar da kowa ba. Ya koma kanti, Ebihara ta ɗora katin a na'ura, sunan ya fito, ta ce yaya uwargida, shi kuma bakinsa ya ce da sauƙi. Tun daga ranar bai iya warwarewa ba. Kowace safiya yakan sa hularsa ya tafi, ya sayo tofu, wato awara, da kifi gasasshe yanka ɗaya, a tambaye shi matarsa, ya amsa. A duk faɗin Mito nan ne kaɗai wurin da Tomie take da rai, kuma wannan fitar ce kaɗai take raba shi da kujera.

Hatsumi ta sani, don ta taɓa raka shi ta ji da kunnenta, ta kau da kai tana duban ledar albasa. Ta kuma san mahaifinta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin da ko titi ba mota ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi hannu. Abin da ya cece shi zuwa yanzu shi ne bai taɓa gane sharaɗin ba. Ranar da ya gane, ya daina.

Ta yi tunanin barin jimlar yadda take. Wa zai lura? Ta gwada har sau biyu, ta bar ta a dunƙule a tsakiyar shafi mai haske, sai ta yi kama da ƙuda a cikin nono. Lauyan kamfani, Odagiri, ya zagaye ta da jan biro.

"Malama Kuramochi, wannan fa? Ko kin gaji ne kafin ki iso nan?"

"Na gaji tun kafin a haife ka," ta ce. "Amma tsakani da Allah, mu rubuta wa mutane ƙarara cewa in kun mutu mun cinye makinku? Wace tsohuwa ce za ta karanta wannan ta so mu?"

"Maki ba dukiya ba ne, kyauta ce ta kamfani. Ba dole a gaje su ba."

"Ban ce dole ba. Na ce mu ba da."

Daga nan ta shiga yaƙin da ta fi kowa sanin wahalarsa. A kamfaninsu ba a canza ko waƙafi sai takarda ta zaga tebur-tebur kowane shugaba ya buga hatiminsa, kuma ba mai bugawa sai ya ƙara wata kalma don a san ya karanta. Sashen kuɗi suka ce makin da ke mutuwa a hannun mutane riba ce, ita tana so ta zubar. Ta nuna musu cewa rabin masu katin sun haura sittin, kuma iyalin da aka mutunta a lokacin makoki ba sa canza kanti. Nozawa ta mara mata baya, don ta hango abin talla. Odagiri ya yarda bisa sharaɗin a kawo shaidar rasuwa da ta dangantaka, a kuma sanar da canjin a kantuna da shafin kamfani tun kafin ranar da zai fara aiki. Hatsumi ta amince da duk wannan. Abu ɗaya ta roƙa, a bar katin mamacin a buɗe, iyali su ci gaba da shi.

Masu kula da na'ura suka ce kati ɗaya mutum ɗaya ne. Odagiri ya ce ba a riƙe yarjejeniya da wanda ba ya duniya, kuma gaskiyarsa ce. Za a kwashe makin a zuba a katin magaji, a rufe tsohon. Ta koma teburinta ta rubuta da hannunta: "In mai kati ya rasu, ba a ƙara amfani da katinsa. Makinsa ba za su ɓata ba: ku zo teburin taimako, mu mayar da su katin wani daga cikin iyali." Kowa ya yaba. Shugaban sashe ya ce bai taɓa ganin sharaɗin mutuwa mai daɗin karantawa irin wannan ba. Ita dai ji ta yi kamar ta ɗauki buhun shinkafa ta hau bene da shi, ta tarar ba gidan ba ne.

Da kaka ta shigo aka fara saka sabuwar takardar a ledar kowane mai sayayya. Ranar Lahadi Hatsumi ta je gidan mahaifinta da dafaffiyar kabewa, kamar yadda ta saba. Ta tarar da shi zaune, takardar a kan tebur, tabarau a gefe, bai ko sa su ba.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Mu da yawa ne, Baba."

"Ke ce. Na san maganarki." Ya shafa takardar da tafin hannu. "Ya yi kyau. Karatu ɗaya na yi na gane."

"Baba, ba wanda zai bincika. Na'ura ba ta san komai ba. Ka ci gaba da abinka."

Ya dube ta irin kallon da yake mata tana yarinya in ta ce a tsallaka ba fitila. "Ki rubuta doka ki ce wa ubanki ya taka? Gobe ki ɗauki hutun rabin yini ki raka ni. Ban san yadda ake faɗa musu ba."

Washegari suka tafi da safe. Ya sa rigar da yake zuwa asibiti da ita, takardun shaidar rasuwa a cikin ambulan. Hatsumi ta nufi teburin taimako da ke kusa da ƙofa, tana fatan su gama su fita ba tare da sun bi ta layi ba. Shi kuwa ya ɗauki kwando. Ya ɗauko tofu, ya ɗauko kifinsa, ya tsaya a layin Ebihara yana jiran waɗanda ke gabansa, ita tana bayansa.

"Barka da asuba, Baba Kuramochi," in ji Ebihara, tana miƙo hannu ta karɓi kati. "Yau har da 'yar rakiya? Yaya uwargida, sanyin nan bai taɓa ta ba?"

Genzo bai miƙa katin ba. Ya ajiye kwandon, ya cire hularsa, ya sunkuya sosai, har mutumin da ke bayansu ya ja da baya.

"Ta rasu," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Ki gafarce ni, kina ta tambaya ina ta yi miki ƙarya. Na gode da kika riƙa tambaya."

Ebihara ta tsaya da tofu a hannu. Idonta ya kawo ruwa, ta sunkuya ita ma, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai aiki ya karɓi bakinta, don layi ya fara tsawo, ta tambaye shi a hankali ko yana da wani katin.

"Babu," ya ce. "Yau haka nan zan biya."