Layin Da Na Cire

Shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ina aikin gyaran rubutu a wani kamfani a Sakkwato. Ina ji da bokona ƙwarai, jan alƙalamina ba ya barin kowa.

Gab da damina aka kawo maganin iri, garin da ake cuɗa gero da shi kafin shuka don kada ƙwari su ci. Masu tallanmu uku suka rubuta 'yar takardar da za su raba a kasuwannin Boɗinga da Shagari, aka miƙo mini in gyara kafin a buga. Babbansu wani dattijo ne ɗan Shagari, rabin masu sayen danginsa ne.

Na gyara, na rubuta musu bayanin kowane gyara da dalilinsa, na sa hannu. Na ce na rage gaisuwa domin ta cinye rabin shafi. Na mayar da awon Turawa zuwa cokali da mudu, wannan kam har yau ina yaba wa kaina. Na ƙara girman sunan maganin. Na huɗu, na cire layin da ya ce kada a ci ragowar irin, kada a ba dabba. Dalilina, zai tsorata mai saye, kuma ai gargaɗin yana jikin gwangwani.

Dattijon ya zo har teburina. Ya ce manomi ba gwangwani yake saye ba, a ƙunshi ake auna masa. Kuma a wajensu ba a zubar da ragowar iri, gida ake mai da shi. Na ce sai su faɗa da baki, na koma kan aikina. Wulaƙanci ne, na sani.

Ya faɗa da baki, amma ƙunshi da takarda sun je inda bakinsa bai kai ba. A ƙauyen Horo Birni wata mata ta surfa ragowar geron, ta ba awaki dusar. Allah ya sa ba ta kai ga yin fura ba awakin suka fara faɗuwa. Mijinta surukin dattijon ne.

Baturen kamfani ya tara mu, ya tambayi yadda aka yi. Na sunkuyar da kai, tsoro ya hana ni faɗin cewa ni na cire layin. Dattijon ya ce shi ya kai maganin, bai ƙara komai ba. Aka sallame shi. A Shagari kuma aka daina karɓar ko allura daga hannunsa.

Da zai tafi ya same ni a zaure, ya zaro takardar bayanina daga aljihu. Ashe tana jikinsa duk lokacin da ake tuhumarsa.

"Malam, ga takardakka," ya ce. "Ɗiyanka ƙanana na. Aje ta inda ba a gani."

Na karɓa. Ko godiya na kasa yi masa.